Launin atamfa da launin fata: yadda ake gyara hoton anko ba a zalunci kowa ba

Duk mai hoton da ya daɗe yana aikin biki ya san wannan ƙorafi. Ya kai albam ko ya tura hotuna a waya, uwar amarya ta buɗe hoton da ƙawaye suka jeru cikin anko, ta yi shiru, sannan ta ce, "Hoton ya yi kyau, amma wannan ai ba atamfarmu ba ce." Kuma da gaskiyarta. Atamfar da aka yi makonni ana zaɓe a Kantin Kwari, aka raba wa kowa yadi shida, aka sha fama da tela har daren jajibiri, ruwan goro ce mai zanen shuɗi. A hoton kuwa ta koma rawaya, shuɗinta ya karkata zuwa shunayya. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu: atamfa ta fito ras, amma fuskoki sun yi toka-toka, ko kuma mata goma sha biyu masu fata iri-iri sun koma kala ɗaya.

Ba rashin tsadar kyamara ke jawo wannan ba, ba kuma lallai sakaci ba ne. Akwai dalili guda da ya sa hoton anko ya fi yawancin hotuna wuyar gyara, kuma idan aka gane shi, sauran aikin bin tsari ne kawai.

Dalilin shi ne, a wajen kwamfuta fatar ɗan Adam ruwan goro ce. Da fara sol, da wankan tarwaɗa, da baƙa, duk launinsu yana zaune a yanki ɗaya, tsakanin ja da rawaya. Abin da ya bambanta su shi ne yawan haske da kaurin launi, domin sinadarin da ke rina fata da jinin da ke gudana a ƙarƙashinta iri ɗaya ne a jikin kowa, yawansu ne ke hawa da sauka. To atamfa kuma ta fi son wane launi? Ruwan goro, ja, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa. Ga lalle a hannu, ga sarƙar gwal a wuya, duk a wannan yankin. Manhajar gyaran hoto irin su Lightroom tana da sashen da ake kira Color Mixer, wanda a tsofaffin fitowa ake gani da sunan HSL, inda aka raba launuka gida takwas, kowanne da maɓallin da ake ja hagu ko dama. Idan mai gyara ya ja maɓallin Orange don ya haskaka fuska, maɓallin bai san fuska ba, bai san zane ba. Duk inda ruwan goro yake a hoton zai taɓa. Kamar zuba gishiri ne a tukunya: ba yadda za a yi ya shiga nama ya bar romo.

Saboda haka ƙa'idar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ita ce wannan. Haske ake gyara wa hoto gaba ɗaya, kuma atamfa ce shaidar cewa an gyara shi daidai. Ita kuwa fata, da hannu ake binta, wuri-wuri, mutum-mutum. Wanda ya juya tsarin, ya fara da fuska ta hanyar maɓallan da ke taɓa ko'ina, zai ƙare yana bin atamfa yana ceto, kuma da wuya ya dawo da ita yadda take.

Me ya sa atamfa za ta zama shaida, ba fuska ba? Domin atamfa tana da amsa guda ɗaya, kuma amsar tana nan a ajiye cikin akwati. Irin wannan bugu ya samo asali daga rinin kakin zuma na tsibirin Jaba a Indunusiya, kuma kamfanin Vlisco da ke garin Helmond a Holan, wanda aka kafa a 1846, shi ya fi shahara da shi, har muke cewa holandis. Ko ta Holan ce, ko ta Gana, ko ta Kwaddibuwa, ko ta Sin da ta cika kasuwa yanzu, turmi ɗaya launinsa ɗaya ne. Idan mata goma sha biyu suka ɗinka daga zane guda, mai hoto ya samu abin aunawa har sau goma sha biyu a cikin hotonsa. Fata ba haka take ba. Kowace mace da tata, ga hoda, ga mai, ga zufa, kuma ba wanda zai iya tuna ainihin launin fuskar wata bayan kwana uku. Amma matar da ta sayi zane tana tuna launinsa, in ta yi shakka ma sai ta ɗauko ta kara da hoton.

Abin da ake yi kafin a danna

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wunin biki ne a Kano, bayan la'asar. Ƙawayen amarya goma sha biyu sun jeru layi biyu a inuwar darbejiya, atamfarsu ruwan goro da shuɗi mai duhu da ɗigon fari. Amarya na tsakiya cikin farin leshi. A cikinsu akwai farare, akwai wankan tarwaɗa, akwai baƙaƙe. Lambobin da zan kawo na misali ne, amma irinsu ake gani a wannan yanayi.

Hasken da ke wurin ba fari ba ne, ko da yake ido yana ganinsa fari. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Hasken rana tsaka yana wajen 5500, inuwa a ƙarƙashin sararin sama tana kaiwa 7000 ko fiye, wato ta fi shuɗi, tsohon ƙwan lantarki mai zare kuma yana wajen 2700, ya fi rawaya. A ƙarƙashin bishiya akwai ƙarin kore da ganye ke tacewa. Idan kanofi ne mai launi, to launin tamfol ɗin ne zai sauka a kan kowa. Ƙwaƙwalwar mutum tana share duk wannan ba tare da ya sani ba. Kyamara kuwa sai ta yi hasashe, kuma a hoton anko hasashen nata yakan kuskure ta hanya guda: ta ga ruwan goro ya cika ko'ina, sai ta zaci hasken ne ya yi rawaya da yawa, ta ƙara shuɗi don ta daidaita. Sakamakon shi ne atamfa ta dusashe, fuskoki su yi toka.

Maganin ba tsada. Kati ne ruwan toka da ake sayarwa don wannan aiki. A miƙa wa wadda ke tsakiyar layi ta riƙe a daidai ƙirjinta yana fuskantar kyamara, a ɗauki hoto ɗaya, a karɓe katin, a ci gaba. Wanda ke da hali ya sayi ColorChecker, allo mai murabba'ai 24 na launuka da aka auna, wanda aka fara fitarwa a 1976. Murabba'ansa biyu na farko ma launin fata ne, mai duhu da mai haske. Kada a dogara da farin leshin amarya ko farar shadda a madadin kati. Yawancin fararen yadi an sa musu sinadarin da ke sa su ƙyalli da shuɗi-shuɗi, wasu kuma an wanke su da bula, don haka idan aka ce wa kwamfuta wannan ne fari, hoton duka zai karkata zuwa rawaya.

Abu na biyu, a ɗauka a RAW. Hoton JPEG kyamara ta riga ta yanke hukunci a kan launinsa ta zubar da sauran bayanin, kowane launi yana da matakai 256 kacal. RAW yana riƙe da dubban matakai, kuma ana iya sauya ma'aunin farinsa daga baya ba tare da asara ba. A kuma guji salon da kyamara ke kira Vivid ko Landscape, domin suna ƙara wa launi kauri, atamfa kuwa ba ta buƙatar ƙari.

Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa: a roƙi ƙyallen atamfar. Tela ba ya rasa ragowa. Ɗan yanki kamar tafin hannu, wanda ya haɗa duk launukan zanen, ya isa.

Sai jeri. Idan haske ya fi ƙarfi ta gefe ɗaya, a sa masu duhun fata ta wannan gefen, farare su koma inda ya fi laushi. Wannan ɗan motsi yana rage rabin aikin da za a yi a kwamfuta. Idan akwai filashi, a ƙara ɗan haske daga gaba, ba mai yawa ba, don ya cike ƙarƙashin ido da haɓa inda ɗaurin ɗankwali ke jefa inuwa.

Yadda ruwan goro ke komawa rawaya

A nan ya kamata a tsaya, domin shi ne kuskuren da ya fi ɓata atamfa, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa. Mai hoto ya duba bayan kyamara ya ga fuskokin baƙaƙen ƙawaye sun yi duhu, sai ya ƙara haske ga hoton duka da mataki guda, wato ninki biyu.

Kowane ɗigo a hoto haɗin lambobi uku ne: ja, kore, shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. A ce ruwan goron atamfarmu ja 230 ne, kore 110, shuɗi 30. Jan ya ninka koren sau biyu da ɗoriya, wannan rabo shi ne launin. Idan aka ninka haske, lambobin suna hawa da kusan kashi 37 cikin ɗari. Kore zai kai wajen 150, shuɗi wajen 40. Ja ya kamata ya haura 300, amma ba inda zai je, sai ya tsaya a 255. Yanzu kore ya matso kusa da ja, kuma ja da kore idan suka kusanci juna rawaya suke bayarwa. Atamfa ta sauya launi ba tare da kowa ya taɓa maɓallin launi ba. Bayan haka duk ƙananan zane da saƙar zare da jan ke ɗauke da su sun shafe, wurin ya zama fili sumul kamar an shafa fenti.

Ana gane wannan tun a wurin biki idan aka sa kyamara ta nuna jadawalin haske na launuka uku daban-daban, ba na fari kaɗai ba. Idan tudun ja ya je ya manne da bangon dama, an wuce gona da iri, ko da sauran suna tsakiya. A rage har ya saki bangon. Fuskoki za su ɗan yi duhu, amma duhun fuska a RAW ana ɗaga shi cikin sauƙi, launin da ya ƙone kuwa ba ya dawowa.

A gaban kwamfuta

Kafin komai, a duba allon da za a yi aiki a kai. A kashe duk tsarin da ke sa allo rawaya da dare don kare ido, a rage hasken allon zuwa matsakaici, a zauna kusa da taga da rana amma ba inda rana ke dukan allon ba. A ajiye ƙyallen atamfa a gefe inda hasken taga ke sauka a kansa. A ƙarƙashin ƙwan ɗaki ƙyallen ma ƙarya zai yi.

A buɗe hoton da ke da kati. A sashen Profile a zaɓi mai sanyi, irin su Adobe Standard ko Camera Neutral. Wanda ya ɗauki ColorChecker zai iya haɗa nasa na musamman daga hoton allon, kuma shi ya fi. Sannan a ɗauki abin tsinken launi na ma'aunin fari a danna kan katin. A misalinmu kyamara ta zaɓi Temp 4900 da Tint +2. Ana danna kati sai suka koma 6400 da +14. Na farkon ya cire shuɗin inuwa, na biyun ya cire koren ganye. A kwafe wannan saiti zuwa duk hotunan da aka ɗauka a wurin.

Abin da ke ba sababbin masu gyara mamaki shi ne, da wannan danni ɗaya yawancin matsalar fata ta kau. Tokar da ke fuskoki ba ta fata ba ce, ta haske ce. Ba don an fara da nan ba, da an ɓata sa'a guda ana gyara abin da ba shi da laifi.

Yanzu a kara allo da ƙyalle. Ruwan goron galibi zai zauna daidai. Shuɗin ne ke yawan gardama, kuma da dalili. Wasu rinin shuɗi suna mayar da wani jan haske mai zurfi wanda idon mutum ba ya kamawa sosai, amma kyamara tana kama shi, sai shuɗin ya fito da shunayya a ciki. A nan kam ana iya amfani da Color Mixer, domin babu shuɗi a fata: a ja Hue na Blue zuwa hagu kaɗan, kamar −6 zuwa −10, a duba ƙyalle, a tsaya. In da saura, a taɓa Purple shi ma zuwa hagu. Sai dai a leƙa ko akwai wata a hoton da ta yafa gyale shunayya na gaske, don kada a canja mata kaya.

Maɓallan Red, Orange da Yellow kuwa a bar su a sifili. Haka Saturation. Shi kuma Vibrance yana da wani tarko na daban: an gina shi ne don ya ƙara kaurin launi amma ya tausaya wa launin fata. To ruwan goron atamfa a wajensa fata ne. Sai ya ɗaga shuɗin zanen ya bar ruwan goron a baya, daidaiton da mai zanen ya tsara tsakanin launukan biyu ya rushe. Idan har ruwan goron atamfa na buƙatar gyara, a shafe zanen kaɗai da burushi a gyara shi a keɓe.

Idan atamfa ta yi daidai da ƙyalle, an gama da ita. Daga nan duk abin da za a yi, a cikin keɓaɓɓen wuri za a yi shi.

Fuskoki

A sashen Masking a zaɓi Brush. A kunna Auto Mask don burushin ya riƙa tsayawa a gefen abu, a danna harafin O don a ga inda aka shafa da launi. Akwai zaɓin Color Range da ke kama wuri ta launinsa, kuma yana da jan hankali saboda sauri, amma a hoton anko mai ruwan goro zai kama zane tare da fuska, mu koma gidan jiya. Burushi ya fi jinkiri, ya fi aminci.

Ba fuska kaɗai ake shafawa ba. Wuya, kunne, hannu, ƙafa in ta fito. Hoton da aka haskaka fuska aka bar hannu kowa yana ganewa, ko bai san me ya dame shi ba. A kauce wa leɓe, ido, lalle da sarƙa.

Kada a haɗa mata goma sha biyu a shafe guda. A raba su bisa hasken da ya same su. A misalinmu, huɗun da ke layin baya ta hagu sun fi shiga inuwa, sai a ba su Exposure +0.40. Biyun da ke gefen dama sun fi kusa da ganye, akwai sauran kore a goshinsu, sai a ƙara musu Tint +5. Na tsakiya ba sa buƙatar komai, kuma barinsu haka shi ne gyaransu. Idan aka ga fuska na neman fiye da mataki ɗaya na haske, to matsalar tun daga ɗauka ce, kuma ɗagawar za ta fito da ƙura-ƙura a fata.

Akwai wani abu da atamfa ke yi wa mai ita wanda sai an lura. Zane mai kaurin launi yana mayar da haske sama. Ƙarƙashin haɓa, wuya da cikin hannu sai su rine da launin rigar, goshi kuma da na ɗankwali. Da ruwan goro, haɓa takan yi ja kamar an shafa jan baki. Da koriyar atamfa abin ya fi muni. Wannan shafe ne na daban: ƙaramin burushi mai laushin baki, Flow wajen 30, a bi ƙarƙashin haɓa a rage Saturation da 15 ko 20. Idan kore ne, a ƙara Tint kaɗan. Kada a cire shi duka. Ɗan abin da ya rage shi ke nuna cewa matar tana cikin rigar, ba liƙa kanta aka yi a kai ba.

Sai ƙyallin goshi da kumatu. Fata mai duhu, musamman in an shafa mai, tana mayar da hoton hasken da ya same ta, don haka ƙyallin yakan ɗauki shuɗin sama. Wannan ƙyalli shi ke ba fuska siffa, kuma yana daga cikin kyawun baƙar fata a hoto. A sassauta shi da Highlights in ya yi yawa, amma wanda ya shafe shi gaba ɗaya ya mayar da fuska faranti.

Ido yana gajiya, bayan minti ashirin komai sai ya zama daidai a wajensa. Shi ya sa ake duba lamba. A Lightroom, idan aka danna dama a kan jadawalin haske aka zaɓi Show Lab Color Values, duk inda aka ɗora linzami za a ga lambobi uku. L shi ne haske, a shi ne ja, b shi ne rawaya. A ɗora a kumatu, inda ba ƙyalli ba inuwa. A lafiyayyar fata a da b suna tafiya kusa da juna, sau da yawa b ya ɗan ɗara. Murabba'in fata mai duhu na ColorChecker yana wajen L 38, a 14, b 14. Na mai haske yana wajen L 66, a 18, b 18. A lura da yadda L ya yi nisa tsakaninsu, a da b kuwa suka riƙe rabo ɗaya. Idan aka ga a 7 da b 15, kore ya rage a fuskar. Idan b ya ninka a, matar za ta fito kamar mai ciwon shawara. Idan a ya tsere wa b da yawa, ja ya yi yawa. Waɗannan lambobi jagora ne, ba doka ba, domin hoda tana sauya lissafi. In fuska da wuya sun saɓa saboda kwalliya, wuyan ne ya fi kusa da gaskiya.

Lambar da ba a daidaitawa tsakanin mutane ita ce L, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Gyaran launin fata shi ne cire abin da haske ya ɗora mata, ba sauya halitta ba. Sana'ar hoto tana da tsohon tarihi a wannan fanni. Tun daga shekarun 1950 ɗakunan wankin hoto suna saita injinsu da katin kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai mata masu fata daban-daban. Shekaru da dama baƙar fuska tana fitowa a hoto ba siffa, saboda ba da ita aka auna ba. Yau kayan aikin sun iya ɗaukarta yadda take. Abin takaici ne a ce mu da hannunmu muke ja mata maɓalli har ta koma wata. Na san akwai masu cewa, "Malam, a ɗan haska ni." Ana iya ɗaga inuwar da ta rufe fuska, a fito da ido, a cire toka, kuma galibi abin da ake nema ke nan. Amma a hoton taro, idan baƙar ƙawa ta zama daidai da farar da ke gefenta, 'yan'uwanta za su gani, ita ma za ta gani.

Bayan an gama, a zuƙo hoton zuwa 100% a bi wuyan riga da bakin hannu na kowace mace. Idan burushi ya zarce kan zane, za a ga siririn layi mai haske yana bin gefen ɗinki. A goge shi da Erase. Sannan a kashe duk shafe-shafen a sake kunnawa ana kallon atamfa kaɗai. In ta motsa ko kaɗan, akwai inda ya zuba.

Mai gyara a waya ma zai iya bin wannan tsari. A Snapseed akwai White Balance mai abin tsinken launi, akwai Brush. Sai dai a yi hattara da Selective, domin yana bazuwa ne zuwa launuka masu kama da inda aka danna, daga kumatu sai ya gangara kan ruwan goron riga. A kuma kashe tsarin ƙawata fuska na kyamarar waya tun kafin ɗauka, don yana haskaka fata ba tare da ya tambayi kowa ba.

Inda dabara ta ƙare

Akwai hasken da ba ya gyaruwa. A zauren dina inda aka kunna fitilu shunayya da shuɗi, hasken kansa ba shi da rawaya da ruwan goro a ciki, zane kuwa ba ya mayar da launin da bai same shi ba. Ba maɓallin da zai ƙirƙiro shi. Haka wasu fitilun farashi mai sauƙi da ke kama da fari amma jansu ya yi ƙaranci, su sa fata ta mutu, jan zane ya koma ruwan ƙasa. Hotunan rawa da liƙi a bar su da launin zauren, haka wurin yake. Amma hoton anko na jeri, wanda za a sa a firem, a fita da shi waje kafin magariba, ko a roƙi a kashe fitilu masu launi na minti biyu a haska da filashi.

Saura fitarwa. A zaɓi sRGB, domin shi wayoyi da yawancin injinan wankin hoto suka sani. Wani tsarin mai faɗi, idan ya faɗa hannun manhajar da ba ta gane shi ba, launuka sai su fito a dushe. Takarda kuma ba ta kai allo kaurin launi ba, musamman a shuɗi mai zurfi da ruwan goro mai ƙuna, don haka kafin a wanke babba a wanke ƙarami a kara shi da ƙyalle a bakin taga. Idan ya kauce, a yi magana da mai injin, a kuma ce masa ya kashe gyaran da injin ke yi da kansa, don yakan rushe duk abin da aka tsara.

Idan ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin Document. Turawar da aka saba tana matse hoto, kuma matsewar ta fi cin bayanin launi fiye da na haske, shi ya sa iyakar da ke tsakanin ruwan goro da shuɗi ke yin dama-dama a ƙananan zane. Idan uwar amarya ta kira ta ce launin bai yi ba, a fara tambayarta ko allon wayarta yana kan Vivid ko tsarin dare, sannan a roƙe ta ta ɗauko zanen ta tsaya da shi a tsakar gida ta sake dubawa.